Idan Takardar Neman Bayanan Ciniki da Shaidar Rajista Ta Iske Mai Sayar da Kaya a Shafukan Sada Zumunta

Mai sayar da kaya ta Instagram ko Facebook ko WhatsApp yakan daɗe yana kasuwanci ba tare da ya taɓa zama ya haɗa lissafin shekara guda ba, domin ciniki yana shigowa ne a warwatse: wani ya tura kuɗi ta banki, wani ya biya ɗan aike a bakin ƙofa, wani kuma ya ba da rabi ya ce sauran sai ƙarshen wata. Ranar da takarda ta zo daga hukumar haraji tana neman bayanan jimillar ciniki da shaidar rajista, abin da ya fi ba shi wahala ba rashin gaskiya ba ne, rashin hanyar nuna gaskiyar ne. Wannan jagora ta bi matakan da ake ɗauka daga ranar da takardar ta iso har zuwa ranar da aka miƙa amsa, kuma ta fi daɗewa a kan yadda ake fitar da jimillar ciniki daga asusun da aka cakuɗa kuɗin kasuwa da na gida a cikinsa, saboda a nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe.

Mataki na farko: tabbatar da wanda ya aiko takardar

Kafin ka tura wa kowa ko da shafi ɗaya na bayanan asusunka, ka tabbatar takardar ta gaske ce. Takardar hukuma takan zo da lambar da ake bin sawunta, da kwanan wata, da sunan ofishin da ya rubuta ta, da sashen dokar da ya ba su ikon neman bayanan, da kuma lokacin da suke so a duba, misali daga watan kaza zuwa watan kaza. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da ɗan damfara zai iya kwaikwaya, don haka kada ka kira lambar wayar da ke jikin takardar, kada kuma ka latsa adireshin da aka sa a cikin saƙon. Ka nemo lambar hukumar da kanka daga shafinta na intanet ko ka taka zuwa ofishinta, ka karanta musu lambar takardar, ka tambaya ko daga wurinsu ta fito da kuma sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Duk saƙon da ya nemi lambar sirrin katinka, ko lambar nan da banki ke turowa waya don tabbatar da biya, ko ya ce ka tura tara cikin asusun wani mutum yau-yau kafin a rufe shafinka, to aikin ɓarayi ne.

Ka kuma lura cewa ba hukumar haraji kaɗai ke neman irin waɗannan takardu ba. Banki ko kamfanin da kake karɓar kuɗi ta wurinsa yana iya nema idan ya ga asusun da aka buɗe da sunan mutum yana karɓar kuɗi daga ɗaruruwan mutane kamar asusun kasuwanci, haka ma hukumar rajistar kasuwanci. Abin da banki zai iya yi shi ne ya taƙaita asusun, amma hukumar haraji ce ke da ikon ɗora maka haraji da tara. Sauran bayanin nan ya ginu ne a kan takardar hukumar haraji, ko da yake lissafin da za ka haɗa zai yi maka amfani a wurin kowannensu.

Mataki na biyu: wa'adi, da iyakar abin da aka tambaya

Ka karanta takardar da biro a hannu, ka ja layi ƙarƙashin abu uku: ranar ƙarshe ta amsa, tsawon lokacin da ake tambaya a kansa, da jerin takardun da ake so. Ka duba ko wa'adin ya fara ne daga ranar da aka rubuta takardar ko daga ranar da ta iso gare ka, ka kuma adana ambulan ko saƙon imel ɗin, domin shi ne shaidar ranar da ka karɓa. Idan ka ga lokacin ba zai ishe ka ba, musamman ma da yake karɓo tsofaffin bayanan asusu daga banki yakan ɗauki kwanaki, ka rubuta takardar neman ƙarin lokaci tun wa'adin bai cika ba, ka faɗi dalili, ka ambaci ranar da za ka kawo. Alkawarin da jami'i ya yi maka da baki a waya ba ya shiga fayil.

Yin shiru shi ne mafi tsadar zaɓi. Dokokin haraji a ƙasashe da yawa sun ba hukuma damar ta ƙiyasta cinikin wanda bai amsa ba da abin da ke hannunta, kuma abin da ke hannunta galibi shi ne jimillar kuɗin da ya shiga asusunsa, ba tare da an cire bashi ko kyauta ko kuɗin da ya tura wa kansa ba. Da zarar an fitar da irin wannan ƙiyasi, nauyin nuna cewa ya yi yawa yakan dawo kan mai kasuwancin, kuma lokacin ƙorafi gajere ne, a ƙasashe da dama kwana 30 ne kacal.

Akwai kuma abin da bai kamata ka yi ba a wannan mako: goge hotunan kaya, rufe shafi, ko share hirarraki da masu saye. Wanda ya aiko maka takarda wataƙila ya riga ya ɗauki hoton shafinka, don haka gogewar ba za ta ɓoye komai ba, sai dai ta sa a yi maka kallon mai ɓoyo, ta kuma raba ka da shaidar da za ka buƙata. Idan ka kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu a WhatsApp, ka kashe su a hirarrakin kasuwanci, sannan ka fitar da muhimman hirarraki ta hanyar Export chat ka ajiye a wani wuri.

Mataki na uku: fahimtar abin da ake nufi da jimillar ciniki

Jimillar ciniki ita ce duk kuɗin kayan da ka sayar a tsawon lokacin, kafin a cire kuɗin sari, kuɗin talla, kuɗin data, ko ladan ɗan aike. Ba riba ba ce. Mai kasuwanci da aka tambaye shi cinikinsa yakan amsa da abin da ya rage masa a hannu, domin a zuciyarsa wannan ne abin da ya samu, sai adadin da ya bayar ya zama kashi ɗaya bisa biyar na abin da banki ya nuna, jami'i kuma ya ɗauka ƙarya aka yi masa. Hukuma tana tambayar jimillar ciniki ne saboda da ita ake auna ko kasuwanci ya kai matsayin da dole ya yi rajistar harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, ko kuma yana cikin rukunin ƙananan 'yan kasuwa da ake yi wa sassauci. Maganar riba da kuɗin da aka kashe tana zuwa ne daga baya, lokacin lissafin harajin kuɗin shiga.

Mutane sukan yi mamakin yadda aka yi hukuma ta san da su. A Tarayyar Turai, tun daga 1 ga Janairu 2023, an wajabta wa dandalolin saye da sayarwa su riƙa kai rahoton masu sayarwa, sai dai wanda bai kai ciniki 30 ba a shekara kuma kuɗinsa bai wuce Yuro 2,000 ba, kuma Birtaniya ta fara irin wannan tsari a Janairu 2024. Amma wannan ya shafi dandalin da ke haɗa cinikin ne har ya san abin da aka biya. Wanda ke sa hoto a shafinsa, a yi ciniki ta saƙo, a biya ta banki, dandalin bai san nawa ya sayar ba, don haka sawun da ya bari yana cikin bayanan banki da na kamfanonin karɓar kuɗi da na masu kai kaya. Wannan ne ya sa lissafinka dole ya fara daga bayanan asusu, ba daga ƙwaƙwalwa ba.

Mataki na huɗu: fitar da adadin daga asusu

Ka karɓo cikakkun bayanan kowane asusu da kuɗin ciniki ya taɓa shiga a lokacin da ake tambaya: asusun banki, asusun waya, asusun kamfanin karɓar kuɗi, har da asusun ɗan uwa idan ka taɓa ba masu saye lambarsa ranar da naka ya ƙi karɓa. Hoton alat ba ya maye gurbin bayanan da banki ya fitar. Sannan ka buɗe jadawali mai ginshiƙi biyar a manhajar lissafi irin su Excel, wato kwanan wata, sunan wanda ya turo, adadi, rukuni, da shaida, ka bi duk kuɗin da ya shigo layi bayan layi kana ba kowanne rukuninsa. Idan adadi yana ginshiƙin C, rukuni kuma yana D, wannan zai haɗa maka jimillar rukuni guda:

```
=SUMIF(D:D,"ciniki",C:C)
```

Bari mu ɗauki misalin wata mai sayar da jakunkuna da takalma, wadda aka nemi bayananta na wata 12. Na bar sunan kuɗin domin lissafin ɗaya ne ko da wane kuɗi ake ciniki. Asusunta na banki ya nuna kuɗin da ya shigo ya kai 9,400,000, kuma wannan ne adadin da hukuma za ta iya ɗauka a matsayin cinikinta idan ba ta ce komai ba. Da ta bi layukan sai ta ga 1,100,000 ita ce ta turo wa kanta daga asusunta na waya, 800,000 bashi ne da ta karɓa daga ƙungiyar bayar da lamuni, 450,000 taimako ne daga 'yan uwanta, 150,000 kuma wanda take sari a wurinsa ne ya maido mata saboda kayan da bai kawo ba. Idan aka cire waɗannan huɗun, abin da ya rage shi ne 6,900,000.

Da yawa a nan suke tsayawa, kuma a nan ne kuskuren yake, domin sun yi ragi kawai ba su yi ƙari ba. Littafin odarta ya nuna ta sayar da kayan 600,000 hannu da hannu, kuɗin da ta kashe ba tare da ya shiga banki ba, wannan ya kai lissafin 7,500,000. Kamfanin da ke kai mata kaya yana karɓar kuɗi a wurin masu saye, ya cire ladansa, ya turo mata saura, kuma ladan da ya cire a shekarar ya kai 100,000. Mai saye cikakken kuɗi ya biya, don haka cikakken kuɗin ne ciniki, ladan kuwa kashe kuɗi ne da za a lissafa a wani wurin, sai adadin ya zama 7,600,000. Daga nan ta cire 250,000 da ta mayar wa waɗanda suka dawo da kaya, ya koma 7,350,000.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne tambayar da duk jami'in da ya san aikinsa zai fara yi: kuɗin nan 1,100,000 da ta turo daga asusun waya, daga ina suka shiga can? Da ta karɓo bayanan wannan asusu sai ta ga 700,000 daga ciki masu saye ne suka biya ta can, sauran 400,000 kuma tsohon ajiyarta ne tun kafin shekarar. Cire turawar daidai ne, domin kada a ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu, amma sharaɗinsa shi ne a ƙirga cinikin a asusun da ya fara sauka. Jimillar cinikinta ta gaskiya ita ce 8,050,000. Haka batun yake ga kuɗin hannu da aka kai banki daga baya: ko dai a ƙirga shi a littafin oda, ko a ƙirga shi a layin ajiya, amma ba duka biyun ba.

Kowane abu da aka cire yana buƙatar shaidarsa. Bashin yana da takardar yarjejeniya da layukan biyansa a cikin asusu, wannan mai sauƙi ne. Kuɗin da mai sari ya maido yana da turawar farko da saƙon da ya yi bayani. Taimakon 'yan uwa shi ne mai rauni, domin yayarta da ta aiko mata kuɗi sau huɗu ita ma ta taɓa sayen jaka a wurinta, don haka sai ta koma cikin hirarsu ta ware ranar da aka yi maganar taimako da ranar da aka yi maganar jaka. Layin da ka kasa tuna dalilinsa kada ka ƙirƙira masa labari. Ka ba shi rukuninsa daban na waɗanda ba a gane ba, idan kuma adadinsa ya yi daidai da farashin wani kayanka, shawarata ita ce ka sa shi cikin ciniki, domin jayayya a kan ƙaramin layi tana iya zubar da amincin sauran lissafin.

Abu biyu kuma sun danganta ga dokar inda kake. Na farko kuɗin kai kaya da kake ɗora wa mai saye: idan kai ne ka karɓa tare da kuɗin kaya, galibi ana ɗaukarsa cikin cinikinka, saɓanin wanda mai saye ya biya ɗan aike kai tsaye. Na biyu wanda ke tallata kayan wani don ya sami la'ada: idan da gaske wakili ne, cinikinsa la'adar ce, amma idan shi ke sa farashi, ya karɓi kuɗi da sunansa, ya ɗauki asarar kayan da aka dawo da su, to ana iya ɗaukar dukkan kuɗin a matsayin nasa ko da kayan ba su taɓa shiga ɗakinsa ba. Ka ware waɗannan a ginshiƙi na daban yadda za a iya ganinsu a fili.

Bayan haka ka gwada adadin ta wata hanya. Idan kayan da ka saro ka sayar a shekarar sun ci 6,000,000, kuma kana ɗora kusan kashi ɗaya bisa uku a kai, ya kamata cinikinka ya kasance wajen 8,000,000. Idan jadawalinka ya nuna 5,000,000, akwai asusu ko kuɗin hannu da ka manta, kuma irin wannan gwajin ne jami'i zai yi da rasit ɗin sarinka.

Mataki na biyar: shaidar rajista

Kalmar rajista tana ɗauke da abu uku da mutane ke cakuɗawa: rajistar sunan kasuwanci ko kamfani, lambar shaidar mai biyan haraji, da rajistar harajin sayen kaya. Samun ɗaya ba ya nufin an sami sauran, kuma tabbacin da dandali ya yi wa shafinka ko mayar da shi shafin kasuwanci ba ya cikin ko ɗaya. Ka duba wanne takardar ta ambata, idan ba ta fayyace ba ka tambaya a rubuce. Idan sunan da ke shafinka ya bambanta da wanda ke takardar rajista, ko asusun da ake biya yana ɗauke da sunanka na yanka, ka yi bayanin alaƙarsu a jimla ɗaya a cikin amsarka.

Idan ba ka da rajistar, ka faɗa, ka fara neman ta nan take, ka haɗa shaidar neman a cikin amsar. Kada ka yarda da wanda ya ce zai samo maka takarda mai ɗauke da tsohon kwanan wata, domin lambar rajista abu ne da ake dubawa a rumbun hukuma cikin minti ɗaya, kuma laifin jabun takarda ya fi na makara nauyi nesa ba kusa ba.

A nan lissafin wata-wata yake da amfani. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa a ƙasar mai jakunkunan nan dole ne a yi rajistar harajin sayen kaya idan ciniki ya haura 8,000,000. Da 7,350,000 tana ƙasa da iyaka, da 8,050,000 kuwa ta haura, kuma bambancin shi ne asusun wayar nan da za ta so a ce ta manta da shi. Amma turawar tana nan a bayanan bankin da za ta miƙa da hannunta. Abin da ya fi mata shi ne ta nuna watan da ta haura, wanda a lissafinta shi ne na ƙarshe, domin alhakin yakan fara ne daga lokacin da aka haura ko jim kaɗan bayansa, ba daga farkon shekara ba. Ka kuma duba yadda ake auna iyakar, domin wasu ƙasashe suna duba shekarar lissafi, wasu kuma, kamar Birtaniya, suna duba kowane wata 12 da suka gabata a ƙarshen kowane wata. Idan lissafinka ya zo kusa da iyaka, ko takardar ta koma baya shekaru da yawa, ko ta ambaci bincike kan laifi, wannan ne lokacin da ya dace a biya akanta ko lauyan haraji ya duba kafin a miƙa.

Mataki na shida: rubuta amsa da miƙa ta

Amsar ta zama gajeriyar wasiƙa ce mai ɗauke da lambar takardarsu da kwanan watanta, da bayanin irin kayan da kake sayarwa da lokacin da ka fara, da jimillar cinikin, da jerin abubuwan da ka haɗa, kowanne da lambarsa. Bayanta sai shafi ɗaya da ke nuna yadda aka taso daga kuɗin da ya shiga asusu aka iso ga jimillar ciniki, kamar yadda muka taso daga 9,400,000 zuwa 8,050,000, sannan jadawalin wata-wata, sannan bayanan asusu da shaidu. Inda ka yi ƙiyasi, kamar cinikin hannu na watan da littafin oda ya ɓace, ka rubuta cewa ƙiyasi ne, ka faɗi yadda ka yi shi. Ka amsa abin da aka tambaya a kan lokacin da aka tambaya. Idan kuma aikin ya nuna maka akwai gyara a shekarun baya, ka nemi shawara kan bayyana shi da kanka, domin tsare-tsaren haraji da yawa suna sassauta tara ga wanda ya faɗa kafin a gano.

Ka miƙa kwafi, ka riƙe na asali, kuma kada ka ba da wayarka ko kalmar sirrin shafinka a madadin takardu. Idan hannu da hannu ka kai, ka je da kwafi biyu na wasiƙar a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya. Idan ta shafin hukuma ne, ka adana lambar karɓa. Daga nan abu ɗaya cikin uku ke biyowa: a rufe fayil, a aiko ƙarin tambayoyi a kan wasu layuka, ko a fitar da takardar adadin harajin da ake binka. Idan ta ukun ce, ka gwada adadin cinikin da suka yi amfani da shi da naka layi bayan layi, ka rubuta ranar da wa'adin ƙorafi zai cika a jikin takardar tun ranar da ta iso, ka kuma ajiye fayil ɗin gaba ɗaya, domin dokokin ƙasashe da yawa suna so a adana irin waɗannan bayanai shekara biyar zuwa shida ko fiye.